Idan Banki Ya Yi Shiru: Shawarwari Goma Kan Bibiyar Saƙon Imel, Daga Tuni Mai Taushi Zuwa Wa'adin Ƙarshe

Da wuya a samu gidan da bai taɓa shiga wannan matsala ba. An je wurin mai POS a ciro kuɗin cefane, na'ura ta fitar da rasit mai ɗauke da DECLINED, mai POS ya ce kuɗi ba su shigo masa ba, amma kafin a iso gida alat ya shigo cewa an cire. Aka aika wa banki imel, aka zauna jira, shiru. A nan ne mutane suke rabuwa biyu. Wasu su haƙura su bar wa Allah, wasu kuma su rubuta saƙon da ya cika da faɗa, wanda ba ya dawo da ko kwabo.

Akwai hanya ta uku, wato tuni hawa uku: na farko mai taushi, na biyu mai tambaya da kwanan wata, na uku mai wa'adi. Daga hawa zuwa hawa, hujja ce take ƙaruwa, murya kuwa tana nan yadda take. Domin a ga abin a aikace, mu ɗauki misalin wata uwargida da aka cire wa naira 45,000 ranar Alhamis 2 ga Maris, ta rubuta wa bankinta ƙorafi ranar Litinin 6 ga wata, ba a ce mata komai ba.

1. Fara tabbatar da cewa saƙon farko ya isa

Sau da yawa shirun da ake zargin banki da shi ya samo asali ne daga wayar mai ƙorafin. Buɗe akwatin Sent ka duba ko saƙon yana ciki. Idan ka same shi a Outbox ko a Drafts, to bai taɓa fita ba, watakila data ta yanke a lokacin da kake turawa. Sannan ka duba ko wani saƙo ya dawo maka daga Mail Delivery Subsystem mai cewa "Address not found". Wannan yana nufin adireshin da ka rubuta babu shi, ko ka yi kuskuren harafi ɗaya.

Duba kuma wa ka aika wa. Mutane da dama suna danna Reply a kan alat ɗin da banki ya turo musu, alhali adireshin da ke turo alat yawanci yana farawa da noreply, kuma ba mutumin da ke karanta abin da ya shiga can. Adireshin sashen kula da abokan hulɗa yana bayan katin cirar kuɗi a yawancin bankuna, ko cikin manhajar bankin, ko a rubuce a bangon reshe. Daga can za ka ɗauko shi, kada ka ɗauko daga wani shafin sada zumunta.

Abu na ƙarshe, leƙa akwatin Spam, domin amsar banki takan faɗa can. Kuma ka lura da imel ɗin da ka yi amfani da shi. Idan asusun na uwargida ne amma aka aika ƙorafin daga imel ɗin ɗanta, banki yana iya ƙin tattauna batun, tunda ba wannan adireshin aka yi rajista da shi ba. Idan saƙon bai isa ba, ko ya fita daga imel ɗin da banki bai sani ba, ba tuni za ka yi ba, sabon saƙo za ka aika, lissafin kwanaki kuma ya fara daga ranar.

2. San wa'adin da aka ɗiba musu kafin ka ɗiba naka

Tuni yana da nauyi ne idan mai yin sa ya san cewa lokaci ya riga ya wuce. A shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'ida kan mayar da kuɗin da aka cire ba a biya ba. Idan a na'urar ATM ta bankinka ce, kuɗin su dawo nan take, in na'ura ta gaza kuwa kada ya wuce awa 24. Idan ta wani banki ce, awa 48. Na POS da na sayayya ta intanet, awa 72. Bayan haka, Babban Bankin ya ce mai ƙorafi ya fara kai kukansa bankinsa, ya ba shi mako biyu. Ƙorafin da ya shafi bashi ko cire kuɗin da ya wuce kima shi ne ake ba wa kwana 30.

A kan waɗannan ranaku uwargidan misalinmu za ta tsara tuninta. Ƙorafin farko ya tafi Litinin 6 ga wata, bayan awa 72 ɗin sun cika. Tuni na farko zai tafi Alhamis 9, na biyu Talata 14, na ƙarshe Talata 21, wato kwana ɗaya bayan mako biyun sun cika. A cikinsa za ta ba su zuwa Juma'a 24. Idan ba a yi komai ba, Litinin 27 takarda ta wuce Babban Banki.

Ranakun aiki ake ƙirgawa tsakanin tuni da tuni, ban da Asabar da Lahadi da hutun Sallah ko Kirsimeti. Saƙon da aka aika Juma'a da yamma zai kwana ƙarƙashin duk abin da ya taru a ƙarshen mako, don haka a fi son safiyar Talata zuwa Alhamis. Idan da dare kake samun sukuni, rubuta ka ajiye, ka zaɓi Schedule send a Gmail ya tafi da kansa ƙarfe tara na safe. Rubuta ranakun nan a kalandar bango ko ta waya, domin mai bin haƙƙinsa ma yakan manta.

3. Ɗora kowane tuni a kan tsohon saƙo, amma ya zama cikakke shi kaɗai

Kada ka buɗe sabon saƙo duk lokacin da za ka yi tuni. Shiga Sent, buɗe na farkon, ka danna Reply. Haka duk maganar za ta jeru wuri ɗaya da ranakunta, wanda ya buɗe zai ga cewa wannan ne karo na biyu ko na uku. Sabon saƙo kuwa yakan sa na'urar banki ta buɗe sabon ƙorafi da sabuwar lamba, ka koma ƙarshen layi. Kada ka taɓa kan saƙon, wato abin da ke layin Subject, domin canza shi yana raba jerin gida biyu. Shi ya sa ya kamata tun farko kan saƙon ya faɗi komai: "An cire naira 45,000 a POS ba a biya ba, 2 ga Maris".

Duk da haka, kada ka dogara da cewa ma'aikaci zai gangara ƙasa ya karanta tarihin. Wanda ya buɗe saƙonka yau ba lallai ne shi ya buɗe na makon jiya ba. Kowane tuni ya ƙunshi abu huɗu: adadin kuɗin, ranar da abin ya faru, lambar cinikin, da abin da kake so a yi. A rasit ɗin POS za ka ga RRN, lamba ce mai alƙaluma 12, tare da STAN da Terminal ID. Idan tura kuɗi ne daga banki zuwa banki, Session ID ake nema, mai alƙaluma 30. Da waɗannan lambobi ma'aikaci yake gano cinikin, ba da labarin yadda ka tsaya a rana ba.

Akwai tarko ɗaya a nan. Reply ba ya ɗaukar hotunan da aka liƙa a saƙon farko. Dole ka sake liƙa hoton rasit da na alat a kowane tuni. Rasit ɗin POS kuma rubutunsa yana gogewa cikin 'yan makonni, musamman a aljihu ko cikin zafi, don haka a ɗauki hotonsa tun ranar farko.

4. Tuni na farko: gajere, mai ladabi, mai buƙata ɗaya

A wannan hawa ka ɗauka cewa ba da gangan aka yi shiru ba, domin galibi haka ne: saƙonni sun yi yawa, naka ya nutse. Manufar tunin ita ce ya dawo da saƙonka sama, kuma ya samo maka lambar ƙorafi. Wannan lamba ita ce shaidar cewa banki ya karɓi kukanka, kuma za a tambaye ka ita idan magana ta yi nisa. Ga yadda uwargida za ta rubuta ranar Alhamis 9:

"Barkanku da aiki. Ina tuni ne kan saƙon da na aiko ranar Litinin 6 ga Maris, game da naira 45,000 da aka cire daga asusuna ranar 2 ga Maris a na'urar POS ba tare da an biya ni ba. Lambar RRN tana kan rasit ɗin da na sake liƙawa a nan, tare da hoton alat. Don Allah a ba ni lambar ƙorafi, a kuma sanar da ni inda aka kwana. Na gode."

Sai ta sa cikakken sunanta kamar yadda yake a asusun, da lambar asusun, da lambar wayar da banki ya sani. Lura da abin da babu a ciki. Babu doguwar gaisuwa, babu ba da haƙuri kan damun su, babu "ko kun ga saƙona?" Mai bin haƙƙinsa ba ya neman afuwa don ya tambaya, kuma tambayar ko an gani ana iya amsa ta da "mun gani" a wuce. Bankunanmu da Turanci suke aiki, don haka idan za a juya saƙon, a juya shi cikin Turanci mai sauƙi, jimla huɗu ko biyar, ba sai an nemo manyan kalmomi ba. Tsarin shi ne mai aikin.

5. Idan ka kira waya ko ka je reshe, mayar da maganar a rubuce

Tsakanin tuni na farko da na biyu, yana da kyau a buga wa sashen kula da abokan hulɗa waya, ko a taka zuwa reshe. Sau da yawa a can ake gano abin da ya tsayar da aikin, misali a ce sai an cika fom ɗin ƙorafi kafin a fara bincike. Amma maganar baki ba ta zama hujja. "Ki je gida, zai dawo cikin kwana biyar" ba abin da za ki nuna wa kowa ba ne idan kwana biyar ɗin suka wuce.

Saboda haka, a ranar da aka yi maganar, a koma kan jerin saƙon a rubuta layi biyu: "Yau Litinin 13 ga Maris na zo reshenku da misalin ƙarfe sha ɗaya, na cika fom, aka shaida mini cewa kuɗin za su dawo cikin kwanakin aiki biyar." Idan an cika fom, a ɗauki hotonsa kafin a miƙa, in da hali a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafi. Ko banki bai amsa wannan saƙon ba, ya riga ya shiga jerin da ranarsa, kuma shirunsu bai musanta shi ba. Idan aka ba ka sabuwar rana irin wannan, ka ɗaga tuni na gaba zuwa washegarin ranar da suka faɗa, kada ka riga su.

6. Tuni na biyu: ƙara mutum, ƙara tambaya, ƙara rana

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sake aika tunin farko kalma da kalma. Abin da bai motsa su ba ranar Alhamis ba zai motsa su ranar Talata ba. Tuni na biyu dole ya zo da sabon abu, kuma abubuwa uku ne. Na farko, jerin ranaku, domin a ga tsawon shirun. Na biyu, ƙa'idar da aka saɓa. Na uku, ƙarin ido: sa adireshin jami'in da ke kula da asusunka ko manajan reshe a layin Cc. Mu ɗauka uwargida ba ta samu zuwa reshe ba, kuma har Talata 14 ba amsa:

"Barkanku da aiki. Wannan ne karo na uku da nake rubuto muku kan naira 45,000 da aka cire daga asusuna ranar 2 ga Maris a na'urar POS ba a biya ni ba. Na rubuto ranar 6 da ranar 9 ga wata, ban samu amsa ko lambar ƙorafi ba. Ƙa'idar Babban Banki ta ce a warware irin wannan cikin awa 72, yau kuma kwana 12 ke nan. Ina son a sanar da ni abu biyu zuwa ranar Juma'a 17 ga Maris: lambar ƙorafina, da ranar da kuɗin za su dawo. Na sa manajan reshe a cikin wannan saƙo domin ya san halin da ake ciki. Rasit da alat suna liƙe."

Tambaya mai neman rana ta fi "a taimaka a duba da gaggawa" ƙarfi, domin gaggawa ba ta da ma'auni, Juma'a kuwa kowa ya san ta. Game da Cc, mutum ɗaya ko biyu sun isa. Idan ka jera adireshi goma, kowa zai ɗauka wani ne zai amsa. Kuma ka faɗa a fili cewa ka sa wane, kada ka ɓoye shi a Bcc. Amfanin sa shi shi ne ma'aikacin da ke riƙe da aikin ya san cewa na gaba da shi yana gani.

7. Tuni na ƙarshe: rana, lokaci, da matakin da zai biyo baya

Wannan ma da sanyin murya ake rubuta shi. Ba a roƙo a cikinsa, ba a kuma faɗa. Yana faɗin abin da ya faru, da wa'adin da aka bayar, da abin da za a yi idan wa'adin ya cika. Ranar Talata 21:

"Ranka ya daɗe. Wannan shi ne tunina na ƙarshe kan naira 45,000 da aka cire daga asusuna ranar 2 ga Maris. Na kawo ƙorafi ranar 6, na yi tuni ranar 9 da ranar 14, ba a mayar da kuɗin ba, ba a kuma ba ni amsa ba. Mako biyun da Babban Banki ya ba bankuna su warware ƙorafi sun cika jiya. Idan kuɗin ba su shiga asusuna ba zuwa ƙarfe huɗu na yammar Juma'a 24 ga Maris, ranar Litinin 27 zan miƙa wannan ƙorafi ga Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da duk saƙonnin da ke ƙasa."

A wannan karo manajan reshe ya koma layin To, sashen kula da abokan hulɗa ya dawo Cc. Wa'adin ya zama wanda mai niyyar aiki zai iya cikawa, kwanakin aiki uku zuwa biyar. Wanda ya ce "nan da awa ɗaya" ya nuna cewa haushi ne ke magana. Matakin da ka ambata kuma ya zama ɗaya, wanda kake da iko da shi kuma ka shirya ɗauka. Kada ka ce za ka kai su kotu kan naira 45,000 alhali kai da su kun san kuɗin lauya ya fi haka. Kalmar "na ƙarshe" sau ɗaya ake amfani da ita. Wanda ya aika tunin ƙarshe sau uku ya koya wa banki cewa wa'adinsa ba shi da haƙori.

8. Abin da ba ya shiga saƙo ko da rai ya ɓaci

Magana zarar bunu ce, ta imel kuwa ta fi, domin Gmail ba ya barin a janye saƙo bayan daƙiƙa 30 ko da an saita shi a mafi tsawo. Ka tuna cewa wannan jerin saƙon shi ne za ka miƙa wa hukuma a matsayin hujja. Duk zagi, duk "ɓarayi", duk Allah ya isa da ke ciki, jami'in Babban Banki zai karanta su. Rubutu da manyan baƙaƙe daga farko zuwa ƙarshe shi ma ihu ne. Kada a zargi wani ma'aikaci da sunansa da cin kuɗin, domin a irin wannan matsala kuɗin yawanci suna maƙale ne tsakanin bankin mai kati da kamfanin da ya ba mai POS na'ura. Idan ka rubuta cikin fushi, bar shi a Drafts ya kwana, ko ka ba wani a gidan ya karanta.

Na biyu ya fi haɗari. Kada ka taɓa rubuta PIN, ko OTP, ko lambobi uku na bayan kati, ko cikakkiyar lambar katin a cikin imel. Idan banki yana buƙatar gane katin, alƙaluma shida na farko da huɗu na ƙarshe sun ishe shi. 'Yan damfara suna farautar masu jiran a mayar musu da kuɗi, musamman waɗanda suka yi kuka a shafukan sada zumunta. Duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin banki ne, a karanto masa lambar da ta shigo waya domin ya mayar da kuɗin, a kashe wayar. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri ko ɗaya.

9. Rarrabe amsar da ta tsayar da ƙirga da wadda ba ta tsayar ba

Ba duk saƙon da ya dawo ne amsa ba. Wanda ya shigo cikin minti ɗaya yana cewa an karɓi saƙonka, na'ura ce ta turo shi. Amfaninsa ɗaya: yakan zo da lambar ƙorafi. Kwafe ta, ka sa ta a layin farko na kowane tuni daga nan. Amma bai canza ranakunka ba.

"Muna kan bincike" ba tare da rana ba, shi ma bai tsayar da ƙirga ba. Amsa shi da godiya da tambaya ɗaya: "Wace rana zan sa ran sakamako?" Idan kuwa suka nemi wani abu daga gare ka, kamar fom ko bayanin shige da ficen asusun, aika a ranar, domin daga lokacin jinkirin naka ne.

Akwai kuma amsar da ke cewa an rufe ƙorafin, ko cewa cinikin ya yi nasara kuɗin sun isa ga mai POS. Kafin ka yarda ko ka musa, duba bayanin asusunka, domin wani lokaci kuɗi sukan dawo ba tare da alat ba. Idan ba su dawo ba, rubuta a kan jerin nan cewa ba ka amince da rufewar ba, ka nemi a turo maka shaidar da suka dogara da ita. Idan shaidar ta nuna kuɗin sun shiga wurin mai POS, to magana ta koma kansa, sai a je masa da takardar ya duba nasa lissafin.

10. Idan wa'adi ya cika, aikata abin da ka faɗa

Ranar Litinin 27, uwargida za ta buɗe jerin saƙon ta tura shi gaba ɗaya zuwa cpd@cbn.gov.ng, adireshin sashen da ke karɓar ƙorafin abokan hulɗar bankuna. A sama ta rubuta taƙaitaccen bayani: sunanta da lambar waya, sunan bankin da reshen, ranar cinikin, adadin kuɗin, lambar ƙorafi in an ba ta, ranakun da ta rubuta, da abin da take nema. Ta sake liƙa rasit da alat, ta sa bankin a Cc. Sharaɗin Babban Banki shi ne a nuna an fara kai kuka ga bankin, kuma jerin ranakun 6, 9, 14 da 21 shi ne wannan shaidar. Idan kuɗi suka dawo a kowane hawa, a rubuta layi ɗaya cewa an gani an gode, a ajiye jerin kada a goge.

Hawa ukun nan suna aiki a wasu wuraren, abin da ke canzawa shi ne wanda ake kai wa ƙara. Kan matsalar mita ko bil ɗin wuta, kamfanin rarraba lantarki yana da kwanakin aiki 15, bayan nan a wuce ofishin sauraron ƙorafi na hukumar NERC, ko hukumar lantarki ta jiha inda jihar ta karɓi ragamar. Kan takardar sakamako ko rarar kuɗin makaranta, na gaba shi ne shugaban makaranta ko magatakarda. Amma inda alfarma kake nema ba haƙƙi ba, kamar neman aiki ko takardar shaida daga tsohon malami, hawa na uku ba ya ɗaukar wa'adi. Tuni biyu sun isa, tsakaninsu mako guda, na ƙarshe ya ce: "Na san ayyuka sun yi yawa. Idan ban ji daga gare ku ba zuwa ƙarshen wata, zan ɗauka ba a samu dama ba a wannan karo. Na gode." Daga nan sai a nemi wata ƙofar.